A bar yanke wa karin magana wutsiya!

Masu sauraronmu na Agadas, yau fa sai mun faɗa. Satin da ya wuce wani mai ruwan leda ya kawo mana talla gidan rediyo. Sunan da ya zaɓa wa kayansa: "Ruwa Ba Ya Tsami". Muka ce, Alhaji, ina "banza" ta tafi? Ya ce ba ta shiga leda.

To ai ita ce maganar! Ruwa ba ya tsami banza, wato in ya yi tsami akwai dalili. Ka cire kalma guda, gargaɗi ya koma alkawarin ƙarya. Kuma duk tsohuwar da ta ji sunan, a zuci za ta ƙarasa shi, ta soma zargin ruwanka.

Ku dubi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fito a Zariya a 1939. A lokacin kwabo ake sayar da ita, sunan ya dace da kayan. Mutane suka taƙaita shi "Gaskiya", ma'ana ba ta goce ba.

Kahin ka biya mai fenti jika goma, faɗa wa kakarka sunan. In ta ƙarasa shi da abin da zai kunyata ka, canza.