Tayi na arba'in da ɗaya

Yau labarin wata matashiya muka kawo muku, 'yar unguwarmu, wadda ta karanta Turanci a jami'a, ta gama bautar ƙasa, ta dawo gida ba aiki. Ta roƙe mu kada mu ambaci sunanta, amma ta ba mu damar duba littafin da take rubuta duk aikin da ta nema, kuma daga cikinsa muka ciro darasin yau.

Ta yi rajista ne a Upwork, wani dandali na intanet inda masu neman a yi musu aiki daga ƙasashe daban-daban suke saka tallar aikin, masu sana'a kuma su aika tayi. Tayi ɗan gajeren saƙo ne da mutum zai bayyana yadda zai yi aikin, da nawa zai karɓa, da ranar da zai gama. Aika shi ba kyauta ba ne. Kowane tayi yana cin wasu maki da ake kira Connects, idan sun ƙare kuma sai a saya da kuɗi. Saboda haka duk tayin da ya faɗi, kuɗin data da na maki sun tafi tare da shi.

Cikin wata huɗu ta aika tayi arba'in, ko ɗaya bai kai ta ga aiki ba. Mahaifinta ya fara cewa gara ta nemi koyarwa a makarantar kuɗi da ke bayan layinsu, ita ma ta sa wa kanta wa'adi: idan makin da ke hannunta suka ƙare, ta haƙura.

Da muka karanta tayin nan, mun ga duk tagwayen juna ne. Kowanne ya fara da gaisuwa, sai sunan digirinta, sai alkawarin cewa tana da ƙwazo da riƙon amana. Saƙo ɗaya ne take kwafewa tana mannawa, ko aikin rubutun talla ne, ko cike teburin lissafi, ko zana tambari. Illar a nan ita ce mai ba da aiki yana ganin jerin masu tayi da yawa a lokaci guda, kuma layukan farko kaɗai yake fara gani kafin ya buɗe saƙon. Idan layukan nan ba su taɓa matsalarsa ba, wucewa zai yi. Ga shi kuma tana gogayya da dubban mutane a ayyukan da kowa zai iya, alhali shafinta babu shaidar yabo ko guda daga wanda ta taɓa yi wa aiki.

Sai ta zauna ta tambayi kanta: mene ne nake da shi wanda yawancin masu tayin nan ba su da shi? Amsar ita ce Hausa. Daga nan ta goge jerin sana'o'in da ta lissafa a shafinta, ta bar guda: sauraron magana da Hausa, a mayar da ita rubutu, a fassara zuwa Turanci.

Bayan kwana tara ta ga tallar wata mai bincike a ƙasar Jamus. Matar tana da hira goma da aka naɗa da manoma a yankin Maraɗi, kowacce ta kusan minti 30, kuma ta haɗa gutsuren minti biyu don a ji irin muryoyin. Kafin matashiyar ta rubuta komai, sai da ta saurari gutsuren sau da yawa, ta rubuta shi kalma bayan kalma, ta fassara.

A cikin gutsuren ne ta ji wani manomi ya ce ya sayi abu "dala ashirin". Mai gaggawa zai fassara shi da dalar Amurka ashirin, ya wuce. Amma kakarta mutuniyar Nijar ce, don haka ta san cewa a can dala ɗaya na nufin sefa biyar, wato manomin sefa 100 yake nufi. Ga mai binciken da ke nazarin abin da manoma ke kashewa, kuskure irin wannan zai lalata lissafinta gaba ɗaya.

Da wannan ta buɗe tayinta na arba'in da ɗaya. Ba gaisuwa mai tsawo, ba zancen digiri. Layin farko ya ce a daƙiƙa ta 40 manomin ya ambaci dala ashirin, kuma sefa 100 ke nan. Sannan ta haɗa rubutun minti biyun, da alamar lokaci a gaban kowane mai magana, ta nuna wurare biyu da iska ta danne murya, ta rubuta "ba a ji sosai ba" maimakon ta yi hasashe. A ƙarshe ta yi tambaya guda: ana son a rubuta har da in-ina da maimaicin magana, ko a tsabtace? Washegari da safe amsa ta zo.

Ku lura da yadda ta kare kanta wajen ciniki. Ba ta karɓi hira goman a dunƙule ba. Ta ce a fara da guda, idan an gamsu a ci gaba. Kuma ba ta taɓa aikin ba sai da ta ga an zuba kuɗin wannan kashin a dandalin, wanda yake riƙe su amana har a miƙa aiki, sannan ya cire kasonsa ya ba ta sauran. Duk wanda ya ce ku koma wani wuri ku yi ciniki a ɓoye, ko ku fara biyan kuɗi kafin ya ba ku aiki, ku guje shi.

Ta yi tuntuɓe kuwa. Ta ɗauka hirar minti 30 aikin yini guda ce. Sai ga shi rubutawa kaɗai ta ci kusan awa uku, fassara da bita suka ci fiye da haka, ga wuta ta ɗauke. Da ta ga ba za ta cika alkawari ba, tun da rana ta sanar da matar, ta nemi ƙarin kwana guda. Matar ta yarda, daga baya ta ba ta sauran taran, ta kuma rubuta mata yabo a shafinta. Wannan yabon ne masu ba da aiki na gaba suke fara dubawa.

Dandalin ba ya karɓar wanda bai kai shekara 18 ba, don haka kada ku yi ƙaryar shekaru ko ku ari shafin wani. Amma za ku iya fara gwaji tun yanzu. Ku naɗi minti biyar na wata hira a rediyo, ku rubuta ta da daidaitacciyar Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ a mazauninsu, ku fassara zuwa Turanci, ku duba agogo ku ga minti nawa kuka ci. Ku kai wa malamin Hausa da na Turanci su sa muku jan biro, sannan ku sake wani. Mu haɗu a mako mai zuwa.