Ka Ɗaure Ragon Suna, Mai Cikin Fa?

Maigida, da kai nake. Tun cikin na wata biyar ka sayi rago ka ɗaure, kullum da safe sai ka leƙa ka ga ko ya ci dusa. Ka san kilo nawa ya ƙara. Amma da za a tsare ka a tambaye ka nawa jinin matarka ya nuna a awon da ya wuce, sai ka yi zuru, don ko katin awon ba ka taɓa buɗewa ba. Wasunku ma ba su san ko ta je ba.

Laifin da ya fi ci mini rai wata kalma ce da take saurin fita daga bakinku, wato raki. A watannin farko tana laulayi, ƙamshin miya ma tayar mata da zuciya yake yi, ka shigo ka tarar ba a ɗora tukunya ba, ka ce: "Ke kaɗai ce kika taɓa ciki? Inna ta haifi goma, tana surfe naƙuda ta kama ta." Ta ji. Ba za ta mayar maka da magana ba, amma ta ɗauki darasi: ciwonta ba abin kawo maka ba ne. Idan cikin fari ne, ga kunya ta ƙaru a kai, ko uwarta ba ta iya gaya wa kai tsaye. To ranar da ciwon gaske zai zo, wa za ta gaya wa?

Ga yadda abin yake tafiya. A ce cikin ya shiga wata takwas. Ta tashi da ciwon kai, ta sha farasitamol, bai sauka ba. Washegari zobenta ya ƙi fita daga yatsa, fuskarta ta cika, har maƙwabta suna cewa cikin ya karɓe ta. Da yamma tana ganin dishi-dishi, wani lokaci kamar walƙiya a idonta, ga wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama wanda ta ɗauka ƙwarnafi ne. Duk wannan ba ta faɗa maka ba, ta yi kwanciyarta, kai kuma kana majalisa. Cikin dare sai ka ji tana fizge-fizge, ido ya juye, ta ciji harshe. Nan take gida ya yanke hukunci cewa iska ce, aka ruga neman hayaƙi da rubutu.

Wannan jijjiga ce, ƙarshen hawan jinin masu ciki, wanda yakan bayyana bayan mako na 20. Sau da yawa yakan yi makonni yana hawa ba tare da mace ta ji komai ba, kuma abin da ke tona shi ba wani abu mai tsada ba ne: a ɗaura mata abin awo a dantse, a gwada fitsarinta. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ma'aikatan lafiya sun san akwai magana. Ciwon kai da dishi-dishi da kumburin fuska da hannu kuwa alama ce cewa abin ya yi nisa, asibiti ake tafiya a ranar, ko da tsakar dare ne. A can akwai allurar maganeziyam salfet da ke tare jijjiga, akwai maganin saukar da jini, idan ta kama a ciro jaririn kafin lokacinsa sai a ciro. Kumburin ƙafa kaɗai da yamma abu ne da yawancin masu ciki ke yi, kada ka tayar da hankalin gida a kansa. Fuska da yatsu su ne abin lura, kuma kai da kake kwana ɗaki ɗaya da ita ka fi kowa damar ganin canjin, in da kana kallonta.

Shi ya sa awo ba yawon mata ba ne, kamar yadda wasunku ke faɗa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shawararta zuwa awo takwas: na farko cikin makonni 12 na farko, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Dubi yadda suke matsowa kusa da juna a ƙarshe, don a nan ne hawan jinin ya fi yin sammako. Mace ta je sau ɗaya ta karɓo kati, ka ce ai an duba ta lafiya lau, kuɗin mashin ya isa haka. Lafiyar wata biyar ba ta ba da labarin wata takwas.

A wurin awon ne kuma ake ba ta ƙwayar ƙarin jini ta kullum, da Fansida da ake sha daga wata na huɗu, wata-wata, aƙalla sau uku, don zazzaɓin cizon sauro yana cinye jinin mai ciki ko da ba ta kwanta ba. Ƙwayar ƙarin jinin tana sa tashin zuciya da baƙin bayan gida, mata da yawa sukan tura ta ƙarƙashin katifa su yi shiru. Tambaye ta ko tana sha. Ka kawo hanta da ƙwai da zogale da wake, kuma ka tabbata bakinta suka shiga, don na san gidajen da tsokar kwanon maigida ce, ita sai romo.

Sai maganar izini, wadda ta fi kowace ban takaici. Mace tana zubar da jini ko tana jijjiga, an taru a kanta, mota na nan a bakin titi, amma an tsaya saboda maigida yana Legas ko ya tafi cin kasuwa, wayarsa ba ta shiga, kuma ba wanda zai ɗauki nauyin fita da matar wani. Wannan ba laifin rashin sabis ba ne, naka ne. Me ya hana ka tara mahaifiyarka da ƙaninka da ita kanta tun yanzu, ka faɗa da bakinka kowa ya ji: "Ina nan ko ba na nan, in ta ga jini, ko faya ta fashe, ko ciwon kai ya ƙi sauka, ko ɗan ya daina motsi, a wuce da ita asibiti, kada a jira ni." Minti ɗaya ba za ta ɗauke ka ba. Zubar jini mai yawa bayan haihuwa tana iya kashe mace cikin awa biyu, ba ta jiran a samo ka.

Izinin ma ba ya tafiya da ƙafa. Ka yi magana da mai mota ɗaya a unguwa wanda zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare, ka sa lambarsa a wayarta. Ka ware kuɗin mai da na asibiti ka damƙa a hannunta, ba a aljihunka da zai yi tafiya tare da kai ba. Ka san rukunin jininta, ka nemi mutum biyu cikin dangi ko abokai da suka yarda za su bayar in an buƙata, don neman jini a farfajiyar asibiti da daddare wahala ce da ba a so wa maƙiyi. In ka ce babu kuɗi, ga rago can a turke.

Kada kuma ka ce ai za ta tafi goyon ciki gidansu, nauyi ya sauka. Watannin da take tafiya su ne watannin haɗarin, kuma sau da yawa garin iyayen ya fi naka nisa da asibitin da ke iya yin tiyata da ƙarin jini. Kafin ka sa ta a mota ka bincika wane asibiti ne mafi kusa da su, ka haɗa ta da katinta da magungunanta da kuɗin, ka maimaita wa surukarka izinin nan da ladabi. Sannan ka riƙa kiranta kullum, kuma in ta ce "lafiya lau" da muryar da ba ka yarda da ita ba, ka sake tambaya: kan fa, idon fa, yau ya motsa?