Wai "zan yi bulokin ɗin IP ɗinka": IP ɗin wa?

1/ Abu biyu suka faru da ni a Wudil cikin wata ɗaya, kuma tushensu ɗaya ne. Na gaji da ganin ana cin kuɗin mutane, ana kuma hukunta marasa laifi, saboda wasu "injiniyoyinmu" sun haddace bidiyon YouTube ba su san yadda data ɗin wayarsu take aiki ba. Ku gyara zama, zaren yana da tsawo.

2/ Na farko: kawuna yana da shagon hatsi, ya sa kyamarar tsaro don ya riƙa leƙa shagon daga gida. Wani yaro ya haɗa masa ita da rawuta mai layin waya, ya caje shi kuɗin "Port Forwarding" da na DDNS. A cikin shago hoto tangaran. Da an fita waje, shiru. Sau uku yana dawowa, kullum maganarsa ɗaya: "Alhaji, netwok ne."

3/ Ba netwok ba ne. Aikin da ya karɓi kuɗi a kai ba zai taɓa yi ba a kan layin nan, ko da sabis ya cika fal. Sunan abin da ya hana CGNAT.

4/ Adireshin IP na tsohon tsari, wato IPv4, kusan biliyan 4.3 ne kawai a duk duniya. IANA, mai rabawa daga sama, ta raba ragowar nata tun Fabrairun 2011. Kamfanin waya mai miliyoyin layuka ba shi da adireshin da zai ba kowa nasa. Sai ya ba wayarka adireshin cikin gida, wanda intanet ba ta san shi ba, sannan ya tara ku da yawa ku fita duniya da adireshi ɗaya.

5/ Ka ɗauka babban gidan haya ne na ɗalibai, ƙofar waje ɗaya, maigadi ɗaya da littafinsa. Ka aiki yaro ya sayo maka gurasa, maigadi ya rubuta: "ɗaki na 9 ya yi aike." Yaro ya dawo, an duba littafi, an kai maka. To baƙo ya zo da kansa, ba wanda ya aika a kira shi, ba sunansa a littafi. Ɗaki nawa za a kai shi? Daga bakin ƙofa ake sallamarsa.

6/ Da lambobi. A ce rawutarka ta samu 100.72.14.9 daga kamfani. Ka buɗe wani shafi, na'urar kamfani ta sauya saƙonka ya fita a matsayin 203.0.113.7, ƙofa ta 40123, ta rubuta a teburinta cewa amsar da ta zo wannan ƙofar taka ce. Maƙwabcinka ma 203.0.113.7 ɗin ne, ƙofarsa ce daban. Kowane adireshi yana da ƙofofi 65,535, shi ya sa yake ɗaukar mutane da yawa. Ka daina amfani, bayan ɗan lokaci a goge layinka a teburin, a ba wani ƙofar.

7/ Ita kuwa saba, ko kyamara ce ko shafin da ka ɗora a laftof, aikinta ta zauna ta jira baƙon da ba ta kira ba. Port Forwarding ɗin da yaron ya saita, ƙofar ɗakin kawu kawai ya buɗe. Ƙofar gidan tana hannun kamfani, ba kuma za su buɗe maka ita don ka sayi data ta wata ɗaya ba. DDNS kuma suna ne da yake nuna adireshin waje, adireshin da kuke tarayya da mutanen da ba ka taɓa gani ba.

8/ Gwajin bai kai minti biyu ba, shi ne ma abin da ya fi ba ni haushi. Shiga shafin rawutarka ka duba WAN IP. Sai ka buga wannan a kwamfutar da ke kanta:

```
curl ifconfig.me
```

In lambobin biyu sun bambanta, akwai maigadi tsakaninka da duniya. In WAN ɗin yana tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, magana ta ƙare, domin tun 2012 aka ware wannan zangon musamman don CGNAT. Wasu kamfanonin 10.x.x.x za ka gani. Duk ɗaya.

9/ Wani zai ce to ya kiran WhatsApp yake shigo min? Wayarka ce ta fara fita ta riƙe layi da sabarsu, kiran ya biyo ta wannan layin. Sunansa yana littafin maigadi. Da dabarar nan na gyara wa kawu: na kunna P2P na kyamarar, muka ɗauki lambar QR da manhajarta. Kyamara ta fita, waya ta fita, suka haɗu ta sabar masu kyamarar. Ban karɓi ko sisi ba, sai dai ya cika min leda da gero.

10/ Ɗalibi mai son nuna furojet ɗinsa daga laftof, hanyarka ke nan kai ma. Ka haƙa rami daga ciki zuwa waje: Cloudflare Tunnel, Tailscale, ko ka yi hayar ƙaramar VPS mai adireshinta na kanta:

```
ssh -R 8080:localhost:80 user@vps
```

Sai ka kunna GatewayPorts a VPS ɗin in kana so na waje su shigo kai tsaye. Iyakarsa: laftof ta mutu ko data ta ƙare, shafi ya tafi. In sana'a ce ta gaske, ka tambayi kamfani adireshin dindindin na 'yan kasuwa, ka biya.

11/ Yanzu na biyu, wanda ya fi ƙona min rai. Akwai wani ɗan shafi da muke yin gwajin jarrabawa a kai. Wani ya dame shi da buɗe asusun bogi. Mai shafin ya duba, ya ga IP ɗaya, ya rufe shi, har da sanarwa cikin alfahari. Washegari ni da abokaina huɗu muka kasa shiga. Laifinmu layin kamfani ɗaya muke amfani da shi.

12/ Shi kuwa mai ɓarnar? Ya sa wayarsa a Airplane mode ya cire. Sau da yawa hakan kaɗai ya isa a fitar da kai ta wani adireshin. Ya dawo ya ci gaba da abinsa, mu muna waje muna tura saƙon ban haƙuri.

13/ Na yi wa mai shafin bayani, ya ce ai har Wikipedia tana rufe IP. Eh, tana yi, kuma ta ɗanɗana kuɗarta. A farkon 2007 labari ya karaɗe duniya cewa rufe adireshi ɗaya ya hana masu gyara ba tare da asusu ba a kusan duk ƙasar Qatar, saboda ta nan suke fita gaba ɗaya. In ƙasa guda za ta iya shiga bayan lamba ɗaya, ina ga 'yan unguwarku?

14/ Kuma adireshin nan ba ya ma cewa Wudil. Kana zaune kusa da gada kana cin kifi, shafin duba IP ya ce kana Legas ko Abuja, domin abin da ya sani rajistar adireshin ne da inda kamfani yake fitar da shi. Saboda haka mai cewa "na ga IP ɗinka, na san gidanku" barazanar banza yake yi.

15/ In kai ne mai shafi, ka hukunta asusu. Ka nemi lambar waya da OTP wajen rajista, ka taƙaita abin da sabon asusu zai iya yi a ranar farko. In dole sai ka taɓa IP, ka rage masa gudu na mintoci ko ka sa masa CAPTCHA, kar ka rufe har abada. Kuma kar ka ce "asusu ɗaya ga kowane IP", aji guda za ka kora.

16/ Ku kuma masu murna cewa kun ɓuya a cikin taro, a hankali. Mai shafi ne ba zai iya ware ka ba. Kamfani zai iya, in aka kawo masa abu uku: adireshin, lambar ƙofar da saƙon ya fito, da ainihin lokaci har daƙiƙa, matuƙar ya adana bayanan teburinsa. Layin kuma da NIN ɗinka aka haɗa shi. Shi ya sa mai shafin da ba ya adana lambar ƙofa, ko ya kai ƙara, rabin shaida ya kai.

17/ Maganin asali IPv6 ne, inda adireshi ya wadata har kowace waya ta samu nata. Ko a nan ma kamfani yana iya toshe baƙon da ba a kira ba, don haka ka gwada kafin ka yi wa wani alkawari. Yaron kyamara dai na tura masa hoton WAN IP ɗin kawu, na ce ya mayar da kuɗin DDNS. Ya karanta, alama ta yi shuɗi, har yanzu bai amsa ba.