Ba kowane jan ido ne afolo ba

A Gaya, duk wanda idonsa ya yi ja sai a ce masa afolo ne, ya nemi maganin ɗigawa. Magani kuwa ba ya wuyar samu, ko a kasuwar gari, ko a Malanbil ƙetaren gada, ko a Kamba. Ra'ayina shi ne a daina sayar da maganin ido mai sitiroyid, irin su dekisametazon, sai da takardar likita. Dalilina shi ne kumburin cikin ido, ciwon da likitoci ke kira ubeyit.

Afolo a fatar ido yake tsayawa. Yakan kama ido biyu, ya zo da kwantsa da ƙaiƙayi, ya wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Kumburin cikin ido kuwa a can ciki yake. Sau da yawa ido ɗaya yake kamawa, da zugi mai zurfi, gani ya yi hazo, haske ya zama azaba, kuma babu kwantsa.

A ce wani ɗan kabu-kabu ne ya kamu, ya ɗiga dekisametazon kwana huɗu, ja ya tafi, ya ajiye kwalbar. Kumburin bai mutu ba, zai dawo. Kafin nan baƙin idon yana mannewa da madubin da ke bayansa, ruwan ido ya rasa hanyar fita, matsinsa ya hau ya kashe jijiyar gani. Idan kuma ya ci gaba da ɗigawa wata da watanni, maganin kansa zai iya jawo hawan matsin ido da yana.

Likitan ido zai fara da na'urar haske mai girmama abu, ya ga ƙwayoyin kumburi suna yawo cikin ruwan ido, ya auna matsi, ya leƙa bayan idon. Sannan ya nemi musabbabi, domin tarin fuka da tunjere da cutar da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko ɗanyen nama duk suna jawo shi. In tunjere ne, sai allurar fanisilin ta jijiya kwana 10 zuwa 14. In tarin fuka ne, magani na aƙalla wata 6. Sitiroyid shi kaɗai a nan ƙara wa ƙwayar cuta ƙarfi yake yi.

In kumburin na gaban ido ne, akan ɗiga firednisolon, da fari har kowace awa, a riƙa ragewa sannu a hankali cikin kimanin mako 6. Ana haɗa shi da aturofin, mai buɗe ɗan ido ya hana mannewa. Aturofin yakan sa gani ya dushe na ɗan lokaci, don haka kada mai jinya ya tsorata ya bari.

Ina roƙon ma'aikatan ƙananan asibitocinmu: ido ɗaya ja, mai zugi da gudun haske, ku tura shi wurin likitan ido cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da sai an kai Doso ko Yamai. Ganin da jijiya ta rasa babu aikin da ke maido shi.