Mako takwas kafin intabiyu: data ɗaya ta fi satifiket biyar

'Yan uwa, maza da mata, musamman 'yan FUT Minna da suka gama suna jiran kiran bautar ƙasa. Da yawanmu muna son aikin farko a fannin koyon na'ura, wato mashin lanin, kuma shirin da na fi gani shi ne mutum ya buɗe kwas biyar a intanet, ya ƙare data a kan bidiyo, ya jera satifiket a LinkedIn. A gani na wannan asarar lokaci ce. Idan mako takwas gare ka, ka ɗauki tarin bayanai guda ɗaya ka zauna a kansa har ka iya kare duk shawarar da ka yanke. Mai intabiyu ba ya tsammanin sabon giraduwet ya san komai. Abin da yake son sani shi ne, in ka ce na'urarka tana aiki, za a iya yarda da maganarka?

Ga lissafin lokaci. Awa biyu a rana, kwana shida a mako, ya kama awa 96. Ba su isa a koyi fannin duka ba, amma sun isa a ƙware a aiki ɗaya. Bayanan da nake ba da shawara su ne na bashin Jamus, masu suna credit-g a OpenML: mutum 1,000, bayani 20 a kan kowa, 700 masu kyakkyawan biya, 300 marasa kyau. Tambayar ita ce wa za a ba bashi, irin wadda ɗan kasuwar Kure ke yi wa kansa kafin ya ba da kaya. Ƙanana ne sosai, tsohuwar laftof ma ta isa. Ka sauke su sau ɗaya ka ajiye, ko kana Bosso ko Gidan Kwano, ɗaukewar wuta ko rashin netwok ba za su tsayar da kai ba.

Mako na 1 da na 2 na Python ne da pandas da SQL. Kada ka taɓa horar da komai tukuna. Ka yi wa bayanan tambayoyi: a wane rukunin shekaru aka fi kasa biya? Ka amsa da groupby, sannan ka zuba su a SQLite ka sake amsawa da GROUP BY. Ka raba su teburi biyu don ka gwada JOIN. Wurare da yawa da wannan suke fara tace mutane, wanda ya faɗi a nan ba ya kaiwa ga sauran.

Mako na 3 da na 4 na LogisticRegression ne da lissafin da ke bayansa. Kafin komai ka ware mutum 200 na gwaji, ka rufe su kamar takardar jarrabawa:

```python
X_tr, X_te, y_tr, y_te = train_test_split(
    X, y, test_size=0.2, stratify=y, random_state=42)
```

Wannan stratify ɗin shi ke sa cikin 200 ɗin a samu 140 masu biya da 60 marasa biya, daidai da yadda suke a asali.

A nan ne zuciyar maganar take. A ce na'ura ta farko malalaciya ce, kowa ya zo ta ce zai biya. Ta ci 140 cikin 200, wato kashi 70 cikin ɗari, alhali ba ta kama ko mutum ɗaya ba. A ce kuma ta biyu ta zargi mutum 90, kuma 45 daga cikinsu marasa biya ne da gaske. Ta zargi mutanen kirki 45, marasa biya 15 sun kuɓuce mata. Kuskurenta 60 ne, ita ma kashi 70 ta ci. Idan accuracy_score kaɗai ka duba, kunnen doki suka yi.

Amma duba da kyau. Ta biyu ta kama 45 cikin 60, wato recall_score na 0.75, kuma rabin waɗanda ta zarga gaskiya ne, precision_score na 0.5. Waɗanda suka fitar da bayanan sun ma faɗi farashin kuskure: ba wa marar biya bashi ya ninka hana mai biya muni sau biyar. To ta farko asararta 60 sau 5, wato 300. Ta biyu 15 sau 5 a haɗa da 45, wato 120. Wanda zai iya wannan lissafin a kan farar takarda, ba tare da laftof ba, ya wuce yawancin masu neman aikin tare da shi.

Mako na 5 da na 6 ka kawo RandomForestClassifier da GradientBoostingClassifier ka gwada su da ta farko ta hanyar cross_val_score. Abu biyu za ka koyi ganewa. Na farko hadda: na'ura ta ci kusan ɗari bisa ɗari a bayanan da aka horar da ita, a sababbi kuma ta faɗo ƙasa sosai. Ta haddace amsa ne kamar ɗalibin da ya haddace tsofaffin tambayoyi. Na biyu satar amsa: idan ka yi amfani da StandardScaler a kan bayanan duka kafin ka raba, bayanan gwaji sun leƙo cikin horo. Maganinsa Pipeline. Mafi muni shi ne bayanin da ba ya samuwa sai bayan abin ya faru, kamar yawan kiran da aka yi wa mutum don ya biya. Duk sakamakon da ya yi kyau fiye da kima, ka zarge shi kafin ka yi murna.

Mako na 7 ka buɗe mutum 200 ɗin nan, sau ɗaya tak, ka karɓi abin da ya fito. Ka ɗora aikin a GitHub da README na shafi ɗaya: tambayar, abin da ka gwada, inda na'urar ke kuskure. Ka rubuta iyakarta ƙarara, cewa tsofaffin bayanan Jamus ne, ba za a ɗauki sakamakon a yanke wa mutumin Minna hukunci ba.

Mako na 8 baki ne zai yi aiki. Ka samu aboki ya zama mai intabiyu, minti 30 kullum, da Turanci tunda da shi za a yi. Ya riƙa katse ka da "me ya sa?" har sau uku a jere. Ka kuma gwada bayanin da Hausa ga wanda bai karanta kwamfuta ba. Inda ka kakare, nan ne ba ka gane ba.

Na san wani zai ce tallan aiki duk PyTorch suke ambata, ina za a da wannan tsohon yayi? Gaskiya ne akwai guraben da sai da shi, kamar na hoto da na harshe, kuma in can ka nufa, ka ba shi mako na 6. Amma tambayoyin rabon bayanai, hadda da zaɓen ma'auni suna nan ko wace na'ura ka ɗauko. Wanda bai iya auna ƙarama ba, babba za ta ruɗe shi ne kawai. Gasar Zindi ko Kaggle kuma ta jira sai bayan mako takwas ɗin, don can maki ake bi, a intabiyu dalili ake tambaya.

Masu niyya ku haɗu bibbiyu ku fara ranar Litinin. Allah Ya ba da sa'a, Ya kawo aiki mai albarka.