Waiwaye: "An Cire Mini Kuɗi" Ba Ta Isa Shaida Ba

Waɗanda suka biya kuɗin makaranta shekaru ashirin da suka wuce sun san takardar tela. Ka shiga banki, ka cike ta da biro, ka bi layi, mai karɓar kuɗi ya buga mata hatimi ya yago maka kwafinka. Wannan kwafin ne za ka kai ofishin kuɗi na makaranta a musanya maka da rasit. Akwai wahala, amma takarda ɗaya ce ke ɗauke da komai: sunan mai biya, ranar biya, reshen banki, adadin kuɗi da lambar tela. In an yi gardama, a buɗe littafi a duba.

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari a Nijeriya. A 2011 kamfanin NIBSS, wanda ke sasanta hada-hada tsakanin bankuna, ya fito da hanyar tura kuɗi nan take, a daidai lokacin da lambobin asusu suka koma masu alƙaluma goma-goma. Sai a 2015 gwamnatin tarayya ta tilasta wa ma'aikatu da makarantunta amfani da asusun bai-ɗaya, wato TSA, ana biya ta hanyar Remita. Layi ya ragu, amma shaidar da a da take kan takarda guda ta rarrabu gida-gida. Yanzu kuɗi ɗaya na iya ratsa hannu uku kafin ya isa, kuma kowane hannu da lambar da yake gane shi da ita.

Na yi aiki a ofishin kuɗi na wata babbar makaranta, kuma lokacin da na fi ganin illar wannan rarrabuwa shi ne farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira takardun kuɗi suka yi ƙaranci. Kowa ya koma tiransifa, na'urorin bankuna suka yi ta cijewa. Mutum zai zo ya miƙo waya ta taga, ya nuna alat, ya ce ga shi nan an cire masa kuɗi. Ba ƙarya yake yi ba. Sai dai alat na cewa ne kuɗi sun fita daga asusunka, ba ya cewa sun shiga namu, kuma ba mu da wani gurbi a kwamfuta da za mu zuba hoton alat ta nemo mana su.

Wani dattijo ya zo da 'yarsa a cikin wannan rububi. Kuɗin rajistarta naira 48,500 ne. Ta shiga shafin makaranta ta ciro takardar biya, suka je wurin mai POS a unguwarsu, uban ya tura masa naira 49,000 har da ladan aikinsa, shi kuma ya ce ya biya. Mako ya zagayo shafin makaranta na nuna ba a biya ba, ga ranar rufe rajista ta matso.

Na ce, "Baba, wace lambar RRR aka biya?"

Ya ce, "Ɗana, ni dai ga abin da banki ya turo mini."

Abin da banki ya turo masa na nuna 49,000 sun tafi asusun wani mutum da ba mu taɓa jin sunansa ba. Ko da za mu kwana muna bincike da sunan dattijon ko da wannan adadi, ba za mu ga komai ba, domin ba shi ya biya mu ba, kuma ba 49,000 aka biya mu ba. Tafiyar kuɗinsa zango biyu ce. Zangon farko daga asusunsa zuwa na mai POS, na biyu daga mai POS zuwa Remita. Alat ɗinsa shaidar zangon farko ce kawai, mu kuwa na biyun ne ya shafe mu.

RRR lamba ce mai alƙaluma 12 da Remita ke bai wa kowace takardar biya, galibi a rubuce huɗu-huɗu da ɗan layi a tsakani. Ita ce ke haɗa sunan ɗalibi, abin da ake biya da adadinsa wuri guda. Yarinyar ta karanto mana wata daga wayarta, muka duba, ba a biya ba. Har uban ya fara cewa mai POS ya cuce shi. Sai na lura da ranar da aka ciro lambar: kwana biyu bayan ranar alat. Ba yadda za a yi a biya takardar da ba a ciro ba tukuna. Da aka matsa tambaya, ta tuna cewa da ta ga shafin bai sauya ba, ta sake danna wurin ciro takarda, aka ba ta sabuwar lamba. Shafin makaranta ya koma yana sauraron sabuwar, kuɗin kuwa suna kan tsohuwar. Aka koma gida aka nemo takardar farko da aka kai wa mai POS, muka sa lambarta, sai ga shi an biya tun ranar. Gyaran bai ɗauki lokacin shan shayi ba.

Irin wannan ya fi kowace matsala yawa a wurinmu, kuma ranaku ne ke tona shi. Shi ya sa nake cewa a rubuta rana biyu, ranar da aka ciro RRR da ranar da aka biya. Wanda shafin makarantarsa bai nuna biya ba, kada ya yi gaggawar ciro wata lambar. Ya fara zuwa shafin Remita ya duba matsayin ta farko, don a nan ma ana iya sake buga rasit. In Remita ta nuna an biya, saura aikin makaranta, sai a kai mata RRR da lambar ɗalibi. In ta nuna ba a biya ba, makaranta ba ta da abin yi, maganar tana wurin wanda ya karɓi kuɗin.

To idan ba Remita ba ce fa, tiransifa ce kai tsaye zuwa asusun makarantar kuɗi, ko asibiti, ko dila a kasuwa? A nan lambar da ke aiki ita ce `Session ID`, mai alƙaluma 30. Mutane da yawa suna kawo wadda aka rubuta wa `Reference` ko `Transaction ID`, su yi mamakin da bankin mai karɓa ya ce bai san ta ba. Dalili kuwa, waɗancan sau da yawa lambobin cikin gida ne na bankin da ya tura. `Session ID` ce bankunan biyu da NIBSS duka suke gani, kamar lambar mota da tashar da ta tashi da tashar da za ta sauka duk suka rubuta. A bisa tsarin da aka saba, shida na farko lambar bankin da ya tura ne, sha biyu na tsakiya rana da lokaci, sauran sha biyun kuma na bambance wannan tiransifa da sauran. Idan na tsakiyar suka kasance `230213154207`, ana nufin 13 ga Fabrairun 2023, ƙarfe 3:42 na yamma. Da wannan kaɗai za ka gane ko rasit ɗin da aka turo maka na yau ne ko tsoho aka sake turowa. Ba kasafai take fitowa a alat na tes ba. A rasit ɗin cikin manhajar banki ake samunta, wanda kuma ya tura ta lambobin USSD sai ya nema a wurin bankinsa.

Tare da ita a faɗi lambar asusun da aka tura daga ciki da sunan da ke kansa, da lambar asusun da aka tura wa. Sunan nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Uwa ta biya wa ɗa da asusun ƙaninta, ta zo tana cewa a duba sunanta, alhali a takardar bayanan asusun makaranta sunan ƙanin ne ya fito. Haka ma adadi: a faɗi abin da aka tura daidai, ba tare da cajin banki ko ladan mai POS ba, domin mai bincike yakan tace ne da adadi, kuma bambancin naira hamsin ya isa ya ɓoye layin da ake nema. Lokaci ma a faɗe shi da awa. A ranar rufe rajista mutum ɗari na iya biyan adadi iri ɗaya.

Biya da kati a na'urar POS nasa daban ne. A ɗan rasit ɗin da na'ura ke fitarwa akwai `RRN` mai alƙaluma 12, da `STAN` mai shida, da `Terminal ID` wadda ke nuna na'urar da aka yi amfani da ita. Ko ya nuna `DECLINED` a karɓe shi, don shi ne hujja idan an cire kuɗi duk da haka. A ɗauki hotonsa nan take, saboda rubutun irin wannan takarda yana gogewa, balle a aljihu lokacin zafi. Ƙorafin kuma bankin da ya ba ka kati ake kai wa, ba a tsaya ana cacar baki da mai shago ba. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Nijeriya ya sa wa bankuna wa'adin awa 72 su warware irin wannan na POS, da awa 48 ga kuɗin da ya maƙale a ATM na wani banki.

Takardar ƙorafi mai kyau gajeriya ce. Wadda na fi son gani ba ta wuce haka ba: "Ni wane, mai lambar ɗalibi kaza, na biya naira kaza kuɗin rajistar zango kaza, ranar kaza da ƙarfe kaza, daga asusu mai lamba kaza da suna kaza a banki kaza. RRR kaza ce, `Session ID` kaza. Ga hoton rasit, ga lambar wayata." Labarin wahalar da aka sha a bar shi, ba ya taimaka wa mai bincike. Lambobin kuma a rubuta su da hannu ko a kwafo su cikin saƙon, kada a dogara da hoto kaɗai, domin karanto alƙaluma 30 daga hoto mai dishi-dishi hanya ce ta kuskure.

Akwai kuma abin da ba a bayarwa. Bin sawun kuɗi ba ya buƙatar lambar sirrin katinka, ko lambar OTP da ake turowa ta waya, ko alƙaluma ukun da ke bayan kati. Ga kati, huɗun ƙarshe na lambarsa sun wadatar a takardar ƙorafi. Duk wanda ya kira ka ya ce zai dawo maka da kuɗi in ka karanto masa waɗancan, ɓarawo ne, ko da ya ambaci sunan bankinka daidai.

Idan ka kai ƙorafi banki, kada ka fito sai an ba ka lambar ƙorafin, ka rubuta ranar. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, kana da damar kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya, kuma shaidar cewa ka fara kai wa bankinka ita za su fara nema.