Malam da Amaryarsa: yadda kuɗin fansho ya shiga waya

Yau na ajiye zancen farashin kaya da kuɗin mota. Labarin maƙwabcina zan ba ku, da izininsa, amma ya ce kada in faɗi sunansa, don haka zan kira shi Malam kamar yadda kowa ke kiransa a layinmu na New Bell.

Malam ya yi shekara talatin da wani abu yana koyarwa a firamare, daga Garwa har Duwala. Rabin 'yan kasuwar layinmu shi ya koya musu lissafi. Da ya yi ritaya, fanshonsa ta banki take zuwa. Duk ƙarshen wata sai ya hau babur zuwa Akwa, ya bi layi tun safe, wani lokaci a ce kuɗin bai sauka ba, ya dawo jibi. Da gwiwa ta fara ba shi wahala, sai ya miƙa katinsa da lambar sirrinsa ga wani ɗan ƙaninsa. Yaron ba ɓarawo ba ne, amma ba ya kawo takarda, kuma duk wata sai lissafi ya ƙi cika da jaka biyar ko bakwai. Malam ya kasa tambaya don kunya. Ya taɓa ce mini a bakin shagona: "Alhaji, ni da na koya wa gari lissafi, yau ban san abin da ke cikin asusuna ba."

Jikarsa ce ta ɗauki abin a kanta. Yarinya ce 'yar shekara goma sha bakwai, tana sakandare, shi kuma Amarya yake kiranta, irin wasan kaka da jika. Ta ce masa bankinsa yana da manhaja, zai iya ganin kuɗinsa daga kan tabarma. Ya ce shi da kuɗin da ba a taɓawa da hannu sai dai kallo daga nesa. Ta ce: "To Kaka, kallon kawai za mu fara."

Tun kafin a fara suka ci karo da matsala ta farko, kuma na san da yawanmu muna cikinta. Manhajar banki tana aiko da lambar tabbatarwa ta saƙo zuwa layin da ka ba banki ranar buɗe asusu. Layin da Malam ya bayar tuntuni ya mutu, wanda ke cikin wayarsa kuwa da katin ɗan ƙasa na wani aka yi masa rajista. Sai da suka je aka mayar da layin da sunansa, sannan suka tafi reshen bankin a Akwa da katinsa, ya sa hannu aka sauya lambar. Tafiya biyu ke nan. Wanda layinsa ke da sunan yaron shagonsa, ya sani cewa ranar da wayar ta ɓace, yaron ne zai iya karɓo layin, ba shi ba.

Daga nan darasi ya fara, kullum bayan la'asar, minti goma sha biyar. Faransanci ba matsalarsa ba ne, da shi ya koyar. Matsalar yatsa ce da ido da tsoro. Yatsan tsoho busasshe ne, ya taɓa gilashin bai ji ba, ya danna da ƙarfi ya buɗe abin da bai nema ba. Amarya ta ƙara girman rubutun wayar, ta kuma kafa doka ɗaya wadda a ganina ita ce ta yi aikin: ba za ta taɓa wayar ba. Takan zauna ta rungume hannu, ta faɗi da baki, shi ya danna. Ranar da ya fusata ya miƙa mata ya ce ta yi kawai, sai ta ce: "Kaka, kai kana karɓe alli ka yi wa ɗalibi jarrabawa?" Ya yi dariya ya karɓi abinsa.

Mako biyu cur ba su aika ko dala ba. Abu uku kawai yake yi: ya buɗe manhaja, ya duba "Solde" ya ga abin da ya rage, ya buɗe "Historique" ya karanta abin da ya shiga da wanda ya fita. Ya samo littafi irin na 'yan makaranta yana rubuta matakan da hannunsa, ɗaya, biyu, uku. Lambar sirri ce kaɗai ba ta shiga littafin ba, kuma ko Amarya ba ta san ta ba, don in zai saka takan juya fuska. A "Historique" ɗin nan ne ya ga inda kuɗinsa ke tafiya. Wani ɓangare kuɗin kula da asusu ne da na kati, wanda bai san ana cira ba. Sauran kuwa ɗan ƙaninsa ne ke ɗaukar kuɗin babur da ɗan abin shan ruwa. Malam bai yi faɗa ba. Ya karɓi katinsa cikin mutunci, ya sauya lamba, zumunci bai ɓaci ba.

A mako na uku ya kulle kansa. Ya manta sabuwar lambar, ya gwada sau uku a jere, manhaja ta rufe. Ya kwana yana zaton kuɗin sun tafi. Ba inda suka je, ƙofa ce aka rufe don kada ɓarawo ya yi ta gwaji. Amma sai da ya sake komawa Akwa. Ya ƙara layi a littafinsa: in ka kuskure sau biyu, ajiye waya, ka sha ruwa, ka tuna.

Sai aka zo aikawa, inda haɗarin yake. Mu da baki muke ƙirga kuɗi, da dala da jaka. Dala sefa biyar ce, jaka sefa dubu. In na ce jaka hamsin kowa ya gane, amma waya ba ta san jaka ba, sai ka rubuta 50 ka bi shi da sifiri uku. Sifiri ɗaya ya ƙaru, jaka hamsin ta zama jaka ɗari biyar. Gwajin farko da jaka ɗaya suka yi, daga banki zuwa asusun wayar Malam ɗin kansa, don in an yi kuskure ba a yi asara ba. Sannan daga wayarsa zuwa tawa. Ina zaune na ji ta yi ƙara, shi kuwa sai murna kamar wanda aka ba kujerar Makka.

Ranar da zai aika wa ƙanwarsa a Ngaundare jaka goma sha biyar ta magani, ina wurin. Ya saka lambar, lambobi tara masu farawa da 6 kamar kowane layin hannu a Kamaru. Ya saka kuɗin. Shafin ƙarshe ya fito, yatsansa ya nufi "Valider". Amarya ta ce: "Kaka, karanta mini da ƙarfi." Ya karanta lambar daidai. Ya zo kan kuɗi ya yi shiru, 150 000 ne a rubuce. Fanshon ta sauka a makon, akwai ɗan ajiya a kai, da ya danna da sun tafi. Ƙanwarsa ce, da ta mayar. Amma da lambar ce ya kuskure, da sai dai a bi baƙo da roƙo. Ya danna "Annuler", ya sake daga farko. Tun ranar dokarsa ita ce, kafin "Valider" sai ya karanta abu uku da baki: lamba, suna in ya fito, da kuɗi, yana ƙirga sifiri da yatsa daga dama.

Ya kuma koyi cewa abin da ka aika ba shi ne abin da ke shiga hannu ba. Akwai ladan kamfani, akwai kuma harajin da gwamnati ta sa a Janairun 2022 a kan aikawa da cirewa ta waya, wanda ya fara da sefa 2 a kowace jaka. A lokacin, a jaka hamsin sefa 100 ke nan, dala ashirin. Don haka in ƙanwarsa na bukatar jaka goma sha biyar cif, yakan ɗora kuɗin cirewa a kai.

Jarrabawar gaske ta zo wata Laraba da hantsi, Amarya tana makaranta. Saƙo ya shigo cewa an turo masa 75 000. Ba a yi minti biyu ba wani ya kira, da Hausa tsaf, muryarsa na rawa: "Baba, don Allah kuskure na yi, kuɗin asibitin mahaifiyata ne, ka taimaka ka mayar mini." Malam mutum ne mai tausayi, ya ce mini har zuciyarsa ta karye. Amma ya ce wa mutumin ya ba shi minti biyar. Ya buɗe littafi, ya bi mataki na ɗaya. Ya duba banki, ya duba asusun wayar. Ko dala ba ta ƙaru ba. Ya koma kan saƙon, sai ya ga daga lambar mutum ya fito, ba daga sunan kamfanin da ya saba gani ba. Mutumin ya sake kira, yanzu ya ce ba sai Malam ya aika komai ba, ya saka lambar sirrinsa kawai a abin da zai fito a waya don a soke kuskuren. Wannan ita ce dabararsu: su tura buƙatar cire kuɗi daga asusunka, kai kuma ka amince da hannunka. Malam ya ce: "Yaro, ba a karɓar kuɗi da lambar sirri, fitarwa ake yi da ita. In ka yi kuskure, je ka wurin kamfani." Sai ƙit, aka kashe waya.

Abin da na ɗauka a nan shi ne, mako biyun nan na kallo kawai su suka cece shi. Da aikawa aka fara koya masa, da ya iya aikawa ya aika. Saƙo kowa na iya rubuta shi, amma abin da ke cikin asusu ba ya ƙarya. Mu da ke karɓar kuɗin kaya ta MTN ko Orange a Kasuwar Kwango da Nkololun, dokar ɗaya ce: kada kaya su bar shago don an nuna maka saƙo ko hoto, sai ka ga kuɗin a naka asusun.

Wata huɗu aka ɗauka. Har yanzu Malam yana jinkiri, lambar tabbatarwa takan mutu kafin ya gama kwafe ta, ya nemi wata. Kuɗin cefane kuma har gobe sai ya je rumfar cire kuɗi ta bakin layi, don mai tumatir takarda take so. Amma ya daina zuwa Akwa tambayar ko fansho ta sauka. Shekaranjiya na same shi da tsofaffi biyu a ƙofar gida, littafin a buɗe, ya rungume hannu yana ce wa ɗaya: "A'a, ni ba zan taɓa ba, kai za ka danna." Amarya kuwa ta ce ladan koyarwarta jaka biyu ne duk wata, kuma ta waya take so.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.